Littafin aikin mayonis na man gyaɗa da zai jure zafin Sakkwato

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Manufar aikin ita ce mu fitar da ma'aunin haɗa mayonis da kayan da ake samu a kasuwar Sakkwato, wato ƙwai, man gyaɗa, gishiri da binega, wanda wasu ke kira ruwan kal, kuma ya zauna bai tsinke ba a wannan wata da zafi ke haura digiri 40 da rana. Kukan da masu haɗa salak da masu shayi da burodi suka fi yi iri ɗaya ne: an kaɗa ya yi kauri, sai a wayi gari mai ya taso a sama, ko kuma ya tsinke a kwano tun ba a gama kaɗawa ba.

Yau ba mu taɓa ƙwai ba. Mun zuba ruwa mililita 50 da man gyaɗa mililita 50 a kwalba, muka girgiza na minti ɗaya. Ya yi fari-fari kamar kunu, amma kafin minti biyu layi ya fito tsakaninsu, mai a sama, ruwa a ƙasa. Yawancin mutane kan ce ai don mai bai kai ruwa nauyi ba ne. Gaskiya ne bai kai ba, domin mililita ɗaya na man gyaɗa kusan giram 0.91 ne, na ruwa kuma giram 1. Sai dai wannan yana nuna wanda zai hau sama ne kawai, ba shi ne dalilin rabuwar ba. Zuma ta fi ruwa nauyi nesa ba kusa ba, amma in aka dama ta a ruwa sai ta narke ta bi jikinsa.

Asalin dalilin yana cikin ƙirar ƙwayoyinsu. Kowace ƙwayar ruwa tana da gefen da ke ɗauke da ɗan cajin lantarki mai ja da gefen da ke da kishiyarsa, don haka suna riƙe juna gam. Gishiri da sukari da zuma suna da abin da ƙwayoyin ruwa za su kama, shi ya sa suke narkewa. Ƙwayar mai kuwa doguwar sarƙa ce ta kabon da haidirojin wadda kusan ba ta da irin wannan caji. Ruwa ba ya samun mariƙa a jikinta, kuma duk inda ta shiga sai ta takura wa ƙwayoyin ruwan da ke kewaye da ita. Saboda haka ruwa yana matso mai waje har sai wurin da suke haɗuwa ya zama mafi ƙanƙanta. A kwalba, mafi ƙanƙantar mahaɗa ita ce wannan shimfiɗaɗɗen layi guda da muka gani.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mun maimaita gwajin kwalba, amma da rabin cokalin shayi na gwaiduwar ƙwai a cikin ruwan. Bayan awa uku ya rabu gida biyu shi ma, sai dai ba irin rabuwar Litinin ba ce. Abin da ya taru a sama fari ne mai kauri, ba tsantsar mai ba, kuma da aka sake girgizawa kaɗan ya koma daidai. Wannan bambanci za mu riƙa bibiya har ƙarshen aiki. Akwai tasowa, inda ɗige-ɗigen mai ke hawa sama amma kowane yana nan da kansa. Akwai kuma tsinkewa, inda ɗigo ke fashewa cikin ɗan'uwansa har su zama tafkin mai. Na farko girgiza ke gyara shi. Na biyu sai an sake kaɗi daga tushe.

Abin da gwaiduwa ke yi shi ne aikin da masana ke kira imalsifaya, mu kuma a nan za mu riƙa ce masa mai riƙo. Kusan rabin gwaiduwa ruwa ne, kashi ɗaya cikin uku kitse ne, sauran kuma mafi yawansa furotin. A cikin kitsen akwai lesitin, wanda masanin sinadarai ɗan Faransa Théodore Gobley ya fara tacewa daga gwaiduwa a shekarun 1840. Ƙwayar lesitin tana da kai mai son ruwa da wutsiyoyi biyu masu son mai. Da zarar maburgi ya yanka mai ya zama ɗigo, sai ta tsaya a bakin iyaka, wutsiya cikin mai, kai cikin ruwa. Furotin ɗin gwaiduwa ma haka yake yi, har ma ya fi ta amfani wajen ɗorewa, domin yana lulluɓe ɗigon da fata mai ɗan kauri wadda ke hana shi mannewa da maƙwabcinsa idan sun yi karo. Maburgi ne ke yanka, gwaiduwa ce ke tsare abin da aka yanka.

Litinin, 14 ga Afrilu

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowane muhimmanci zuwa yanzu, kuma ya rushe abin da ake yawan faɗa, cewa in mayonis ya tsinke to ƙwai ne ya yi kaɗan.

Mun jera kwanoni uku, kowane da gwaiduwa ɗaya mai nauyin giram 18 da gishiri giram 3. A na farko muka sa binega mililita 5 kawai. A na biyu mililita 15. A na uku binega mililita 15 da ruwa mililita 15. Mutum ɗaya ne ya kaɗa duka da maburgin waya, ana zuba mai da sirinji don a san adadinsa.

Kwanon farko ya yi saurin kauri. Wajen mililita 90 na mai ya yi tauri har maburgi na tsayawa a cikinsa, fuskarsa ta fara ƙyalli kamar goshin mai gumi, kuma man da aka ƙara ya daina shiga, yana zagaye gefen kwano. Bai kai mililita 140 ba ya sake gaba ɗaya, ya zama ruwan mai da gudaji-gudajin rawaya. Na biyu ya ɗauki 180 amma da ƙyar, ƙyallin ya fara fitowa. Na uku ya shanye 180 cikin sauƙi, launinsa ya fi haske, kuma da alama zai ɗauki ƙari. Gwaiduwa ɗaya ce a kowane kwano, abin da ya bambanta su ruwa ne.

Lissafi ya goyi bayan abin da ido ya gani. Faɗin fatar ɗige-ɗige gaba ɗaya ana samunsa da A = 6V/d, inda V yake adadin mai, d kuma faɗin ɗigo guda. In aka yanka mililita 180 zuwa ɗige-ɗige masu faɗin maikuron 5, wato kashi 5 cikin dubu na milimita, fatar da za a rufe ta kai murabba'in mita 216, kusan girman fili mai ƙafa 50 tsawo da 50 faɗi. Abin kamar da yawa, amma furotin kimanin miligiram 2 ya isa ya rufe murabba'in mita ɗaya, don haka duka bai kai rabin giram ba. Gwaiduwa ɗaya kuwa tana da furotin kusan giram 3, ban da lesitin. Ga shi kaɗin hannu ba ya ma kai ɗigo ga wannan ƙanƙanta. Ke nan mai riƙo ya wadata har da rara.

Wuri ne ke ƙarewa. Mayonis mai ne a cikin ruwa, ko da yake man ya ninka ruwan sau uku ko huɗu. Kowane ɗigo yana bukatar siririn ruwa ya kewaye shi. In aka jera abubuwa masu siffar ƙwallo iri ɗaya, iyakar abin da za su cike shi ne kusan kashi 74 cikin ɗari na wurin, kamar yadda lemo ke barin ramuka a kwando komai gwanintar mai shiryawa. Bayan nan sai ɗige-ɗige su fara matse juna suna lotsewa, kuma wannan matsi shi ne kaurin da muke so. Amma in ruwan da ke tsakani ya yi siriri fiye da kima, fata na taɓa fata, ta yage. A kwanon farko ruwan duka, har da na cikin gwaiduwa, bai wuce mililita 14 ba, don haka a mililita 90 na mai an riga an haura kashi 80. Ƙyallin nan shi ne gargaɗi. Wanda ya gan shi ya tsayar da mai, ya sa cokalin shayi ɗaya na ruwa, ya kaɗa, sannan ya ci gaba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Mun tsaya a kan ma'aunin kwano na uku: gwaiduwa 1, gishiri giram 3, binega mai ƙarfin kashi 5 mililita 15, ruwa mililita 15, mai mililita 180. Nauyinsa duka kusan giram 215, mai ya kama kashi 76 cikin ɗari. Dokar Amurka ta sa kashi 65 a matsayin mafi ƙarancin man da za a kira abu mayonis, don haka muna ciki.

Yau tsarin zubawa muka gwada. Gishiri ya shiga tun farko tare da gwaiduwa da rabin binega, a kaɗa, a bar shi minti ɗaya. Gishirin yana warware ƙananan dunƙulen da ke cikin gwaiduwa, furotin ɗin da ke ƙulle ya fito ya yi aiki, kuma ana jin bambancin a kauri. Mililita 30 na farko na mai ɗigo-ɗigo za a sa, kada a ƙara sai na baya ya ɓace. Wannan ya ɗauke mu kusan minti huɗu. Dalilin jinkirin shi ne a farko haɗin tsararo ne, maburgi yana tura mai gefe ne maimakon ya yanka shi, kuma in man da bai shiga ba ya fi ruwan yawa, sai abin ya juye, ruwan ya koma ɗige-ɗige a cikin mai. Da zarar ya fara kauri, ɗige-ɗigen da aka riga aka yi suna niƙa sabon man da ya shigo, don haka ana iya zubawa kamar zare. Sauran binega da ruwan a raba su biyu, rabi wajen mililita 90, rabi a ƙarshe.

Da gangan muka lalata kwano ɗaya, muka kwarara mililita 60 a tashi guda tun farko. Bai taɓa kamawa ba. Hanyar gane inda aka tsaya mai sauƙi ce: a ɗiga kaɗan a kofin ruwa a motsa. Mayonis mai kyau yana bajewa ya mai da ruwan fari kamar madara, domin ruwa ne a wajensa. Wanda ya juye yana tasowa ne a dunƙule, ruwan ya zauna garau. Gyaransa bai bukaci sabon ƙwai ba. Mun sa cokalin shayi biyu na ruwa a busasshen kwano mai tsabta, muka riƙa ɗiga lalataccen a kai kamar shi ne man, ana kaɗawa. Ya dawo cikin minti shida.

Mun cika ƙananan kwalabe huɗu. Ɗaya a ɗaki inda ma'aunin zafi ke nuna 38 zuwa 41 da rana, wannan na kallo ne, ba na ci ba. Ɗaya a ƙofar firij, ɗaya can ciki jikin bangon da ke sanyi, ɗaya a firiza.

Talata, 22 ga Afrilu

Yayin da muke jiran kwalabe, mun juya kan madara, domin ita ma mai ce a cikin ruwa, amma a ɗaya ƙarshen ma'auni. Kitsen madarar shanu kashi 4 ne ko kusa da haka, na shanun gida masu tozo irin Bokolo kan ɗan ɗara. Ba a bukatar kowa ya kaɗa ta, domin kowane ɗigon kitse yana fitowa daga hantsa da rigarsa ta fosfolifid da furotin, dangin lesitin ɗin gwaiduwa.

Mun zuba ɗanyar madarar safe a doguwar kwalba, madarar kwali a wata, muka sa a firij. Bayan awa 12 ta farko ta yi rawani na maiƙo a sama, ta biyu ko alama. Wannan tasowa ce, ba tsinkewa ba, an girgiza ta koma. A madara ɗige-ɗige suna da filin yawo, ba kamar mayonis ba inda cunkoso ya hana su motsi. Saurin hawan ɗigo yana bin faɗinsa ne in an ninka shi da kansa. Ɗigon ɗanyar madara kan kai maikuron 3 zuwa 4, kuma mai maikuron 4 yana hawa kamar milimita 2 a awa, ya fi haka in sun manne da juna sun zama curi, abin da sukan yi cikin sanyi. Kamfanoni suna matsa madara ta wata siririyar kafa da ƙarfin gaske, ɗigon ya koma maikuron 1 ko ƙasa. Ragin faɗi sau 4 ya zama ragin sauri sau 16. Injin wannan aiki Auguste Gaulin ne ya yi rajistarsa a Faransa a 1899. Tsohuwar rigar ba ta isa ta rufe sabbin ɗige-ɗige masu yawa ba, sai kesin, babban furotin ɗin madara, ya cike gurbin.

Man shanu shi ne tsinkewar da ake yi da niyya. In Bafulatana ta kaɗa nono a gora, duka da kumfa suna yage rigar ɗigon, kitse ya manne da kitse har ya dunƙule, ruwan ya ware. Abin da ya fito ya juye ke nan, ruwa ne kaɗan a cikin mai, shi ya sa man shanu ba ya bajewa a kofin ruwa. Kindirmo kuwa wani zance ne dabam: tsami ne ke sa kesin ya kama idan pH, wato ma'aunin da ke sauka yayin da tsami ke ƙaruwa, ya sauko wajen 4.6.

Litinin, 28 ga Afrilu

Kwana 11 da ajiye kwalabe.

Ta ɗaki ta yi sako-sako, ga ɗan mai ya kwanta a gefen sama, launin fuskar ya yi duhu, kuma tana warin tsohon mai. Zafi yana rage kaurin mai da na ruwan da ke tsakani, ɗige-ɗige su fi samun damar haɗuwa, kuma yana hanzarta lalacewar mai da iska ke jawowa. Amma ba ta tsinke ba, kuma wannan ya tabbatar mana cewa yawan tsinkewar da ake ɗora wa zafin gari tun daga kwano take farawa, daga ƙarancin ruwa.

Ta ƙofar firij lafiya lau. Ta jikin bango ce ta ba da matsala: tana fitowa kamar ba komai, amma da ta sha iska rabin awa sai mai ya fara tsattsafowa duk inda cokali ya bi. Ta firiza kuwa da ta narke ta rabu sarai. Sanyi ya fi zafi yi mana ɓarna, kuma dalilin yana cikin man. Man gyaɗa yana ɗauke da wani kaso na kitse mai saurin daskarewa, shi ya sa yake yin hazo har ya yi kauri in sanyi ya kusa digiri sifiri. Idan haka ta faru a cikin ɗigo, ƙanƙarar kitsen tana yin tsini ta huda fatar daga ciki, ta shiga ɗigon da ke kusa. Muddin yana cikin sanyi komai a tsaye yake, sai ya narke ɓarnar ta bayyana. A firiza ruwan ma yana ƙanƙara, ya matse ɗige-ɗige wuri guda. Wannan babbar magana ce a gare mu, domin masu sana'a da yawa firiza suke amfani da ita a madadin firij, ta daskare in akwai wuta, ta narke in an ɗauke, kuma kowane zagaye yana ƙara huda.

Akwai kuma batun man da ake saya da sunan man gyaɗa alhali na kwakwar manja ne da aka tace. Shi ya ma fi saurin daskarewa. Gwajinsa: a sa rabin kofi a firij ya kwana. In ya wayi gari da hazo ko ya yi kauri, bai dace da mayonis ɗin da za a ajiye a sanyi ba. Mun gwada mai iri uku, man waken suya ne kaɗai ya kwana garau.

Asabar, 3 ga Mayu

Batun lafiya. Ɗanyen ƙwai na iya ɗaukar ƙwayar cutar salmonela, kuma tsami ne babban garkuwar mayonis. Ana son pH ya kasance 4.1 ko ƙasa. Takardar gwajin da muke da ita ta nuna wajen 4, amma ba ta iya bambanta 3.9 da 4.2 ba, don haka ba za mu dogara da ita ba. Mun mai da binega mililita 20, ruwa mililita 10. Jimillar ruwa ba ta canza ba, kauri ma haka, tsamin ne ya ɗan fito, muka sa sukari giram 2 ya daidaita shi. Lemon tsami ya fi ƙamshi, amma ƙarfinsa yana bambanta daga lemo zuwa lemo, binega kuwa an rubuta ƙarfinta a kwalba.

Mun kuma gwada ɗumama gwaiduwa kafin kaɗi, a kwano cikin ruwan zafi, digiri 61 zuwa 62 na minti huɗu, ana motsawa ba tsayawa. Tazarar kaɗan ce, domin daga digiri 65 gwaiduwa ta fara kamawa. Kwano ɗaya ya haura 68 a gefe, ya yi gudaji, kuma mayonis ɗinsa ya fito da tsaki-tsaki. Wanda ya tsaya a 62 ya kaɗu kamar ɗanye, bayan an bar shi ya huce. Ba a yin wannan mataki da ƙiyasin yatsa, sai da ma'aunin zafi.

Talata, 6 ga Mayu

Ma'aunin da muke kai yanzu: gwaiduwa 1 da aka ɗumama, gishiri giram 3, sukari giram 2, binega mililita 20, ruwa mililita 10, mai mililita 180, a kaɗa a kwanon tangaran ko na roba, a ajiye a rufe a ƙofar firij.

Yau mun haɗa sabbin kwalabe shida don matsalar sanyi. Biyu da man gyaɗa zalla, biyu rabi gyaɗa rabi waken suya, biyu waken suya zalla. A kowane biyu, ɗaya kaɗin hannu, ɗaya na bilenda, don mu ga ko ƙananan ɗige-ɗige sun fi jure hudar. Duka suna jikin bangon firij, da ma'aunin zafi a tsakaninsu, ana rubuta abin da ya nuna safe da yamma. Kowace kwana uku za a fito da su su yi rabin awa a waje, a ja cokali a fuska, a auna man da ya tsattsafo da sirinji. Mun jiƙa ƙaron dakwara giram 10 a ruwa mililita 20, irin wanda ake sawa a tawada, domin shi ma mai riƙo ne da kamfanonin lemon kwalba ke amfani da shi. Za a tace shi gobe, a maye gurbin ruwan mililita 10 da shi a kwalba ta bakwai. Awon farko ranar Juma'a, 9 ga wata.